Zan bar aiki, me zan rubuta wa wadda za ta gaje ni?

Nasiru: Assalamu alaikum. Saura mako biyu in bar ƙaramin bankin da nake kula da rumbun bayanansa, PostgreSQL ne a kan Linux. Wadda za ta gaje ni sabuwa ce. Na rubuta mata sunayen sabobi da lokutan ɗaukar kwafin ajiya, amma jikina na ba ni akwai abin da na manta.

Malam Haruna: Wa alaikumus salam. Sunayen sabobi ko ba ka rubuta ba za ta gano su. Fara da abin da ke gudana da sunanka. Shiga kowace saba ka buga:

```
crontab -l
sudo crontab -l -u postgres
```

Duk abin da ya fito a na farkon, rayuwarsa na rataye da asusunka. A wani wuri da na yi aiki, wanda na gada yana da ɗan rubutu mai kwashe kwafin dare zuwa wata na'ura da ƙarfe 1:00. Aka goge asusunsa ranar da ya tafi, aikin ya bi shi, kuma ba abin da ya yi ƙara. Sai bayan kwana 19 na lura fayil na ƙarshe a can kwanan watan tafiyarsa yake ɗauke da shi. Ka mayar da ayyukan da ke gudana da sunanka zuwa asusun aiki wanda ba na wani mutum ba tun yanzu, ka kuma rubuta mata inda za ta leƙa kowace safiya ta ga fayil ɗin daren jiya da girmansa.

Usman: Kar ka manta da kalmomin sirri. Ka jera su a shafin ƙarshe, kada ta maƙale ranar farko.

Hajiya Binta: Usman, buƙatar gaskiya ce, amma ba a takardar da za ta yi yawo a imel ba. A ma'ajiyar sirri ta banki ake sa su, sannan a canza duk wadda Nasiru ya sani. Tarkon yana cikin `~/.pgpass`. In an canza kalma aka manta da shi, `pg_dump` na dare zai faɗi. Ka rubuta wace kalma ke zaune a wane fayil.

Sadiya: Ni da na ajiye aiki wata biyu ina zarya kafin a sa mini hannu a takardar sallama. Ka fara bin su tun yau.

Nasiru: Na gode Sadiya, wannan na gama shi. Malam, na duba, ayyuka uku ne da sunana. Ɗaya ma shi ke fitar da rahoton ƙarshen wata.

Hajiya Binta: To ku zauna tare ta dawo da kwafin jiya a sabar gwaji, ita ke bugawa kai kana kallo. Duk inda ta tsaya ta tambaye ka, nan ne takardarka ke da giɓi. Ku rubuta awa nawa ya ci, don ranar da abu ya ɓaci abin da manaja zai fara tambaya ke nan.

Usman: Kalmomin fa, a canza kafin rufe lissafin wata ko bayansa?

Malam Haruna: Kafin, yana nan ya gyara abin da ya karye.

Hajiya Binta: Malam, ni dai ba na taɓa komai a makon rufe lissafi. Nasiru, ran nawa ga wata za ka tafi?