Kwana 16 da na ba su farashi, har yau shiru. In sake magana ko in ƙyale?

Tela Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon ɗinki a Agege, keke huɗu, yara uku, shekarata tara a nan tun rasuwar maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa yin aikin kamfani ba, daga kayan sallah sai na biki. Wani kamfanin masu gadi a Ikeja ya nemi in ba da farashin yunifom na mutum 60, kowa saiti biyu, riga da wando, saiti 120 ke nan. Na sa naira 14,500 kowane saiti, jimla miliyan 1 da dubu 740. Har samfur na ɗinka da kuɗina na haɗa musu. Yau kwana 16 ba wanda ya ce mini uffan. Sau biyu na tura gaisuwa ta WhatsApp, an buɗe, ba amsa. Wallahi barci ma ya gagare ni. Yaya zan tuntuɓe su ba tare da na zama kamar mai roƙo ba?

Alhaji Mai Albasa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye wayar nan. Shekarata talatin a Ikko ina kai kaya otal-otal daga Mil 12, ban taɓa samun oda ta saƙo ba. Zuwa da kai ya fi saƙo. Gobe ka sa kaya masu kyau, ƙarfe tara ka isa ofishinsu, ka zauna har sai manaja ya gan ka. In ya fito ka ce masa yadi ya tashi, daga Juma'a farashi zai ƙaru. Ka ga yadda zai miƙe. Mutumin da ya ga kana jira a gida, shi ma zai bar ka kana jira.

Ɗan Bichi:
Ka kai su wurin 'yan sanda kawai. Mutum ya yi aikin kusan miliyan biyu a riƙe masa kuɗi kwana 16?

Tela Agege:
A'a Malam, ban yi aikin ba tukuna. Farashi kawai na ba su.

Anti Bilki:
Ƙanena, ni a sashen sayen kaya nake aiki a wani kamfani a Apapa, irin takardarka kullum tana kan teburina. Kafin in ce komai, wa ka miƙa wa takardar? Kuma saƙon da ka tura sau biyu, me ka rubuta a ciki?

Tela Agege:
Anti, wanda ya kawo mini maganar shi na ba. Ɗan garinmu ne, shi ne shugaban masu gadi a wurin, ya ce zai kai ciki. Saƙon kuma gaisuwa ce: ina kwana, ya aiki, Allah ya taimaka. Ban so in fito da maganar kai tsaye ba, ya girme ni.

Anti Bilki:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Har yanzu ba ka tuntuɓi kamfanin ba ko sau ɗaya. Ɗan garinku ka gaisar, shi kuma ba shi ke sa hannu a kan kuɗi ba. Wataƙila ya kai takardar, wataƙila tana aljihunsa, wataƙila ya kai an ce masa a dakata, kunya ta hana shi gaya maka. Shirun da yake yi ba ya nuna maka komai game da ra'ayin kamfanin.

Kuma kwana 16 a wurinmu ba wani dogon lokaci ba ne. Aikin da ya kai wannan kuɗi, yawancin kamfanoni ba sa bayarwa sai sun tara farashi daga mutum uku. Sau da yawa na farko ya kawo nasa, sai a zauna jiran na ukun mako biyu. Bayan nan a kai wa akanta ya duba ko akwai kuɗin a wannan watan, sannan babba ya sa hannu. In ya yi tafiya, komai ya tsaya.

Abin da za ka fara yi, ka kira ɗan garinku, kira ba saƙo ba. Bayan gaisuwa ka ce masa: "Yaya, ba na so in riƙa ɗora maka nauyi. Ka taimaka mini da suna da lambar wanda takardar take hannunsa, in ji ko akwai abin da suke so in gyara." Ka sauke masa kaya ke nan, ba ka zarge shi ba.

In ka samu lambar, ka tura saƙo ɗaya gajere, ka sa wanda ya iya Turanci sosai ya duba maka shi. Abin da zai ƙunsa: ni ne wane, tela daga Agege, ranar kaza na kawo farashin yunifom saiti 120 tare da samfur ta hannun wane, ga hoton takardar na sake haɗowa. Ina so in tabbatar ta iso gare ku, kuma in ji wace rana kuke sa ran yanke shawara, domin ɗinkin zai ci mako kaza daga ranar da aka ba ni oda. Ka tsaya nan. Ka lura akwai tambaya a ciki wadda mutum zai iya amsawa da layi ɗaya yana tsaye. "Ina kwana" ba ta neman komai, shi ya sa ake buɗewa a wuce. Kuma ka sake haɗa takardar ko da sun ce tana nan, don kada ya ce bari in nemo, ya manta.

Ka tura Talata ko Laraba da hantsi. Litinin da safe taro ake yi, Juma'a da yamma kowa hankalinsa na kan hanya.

Alhaji Mai Albasa:
Hajiya, wannan duk tsarin 'yan ofis ne. Yaro ya tsaya rubuce-rubuce wani ya je da ƙafarsa ya ɗauke aikin. Ni na faɗa, ya je ya ce kaya sun tashi.

Anti Bilki:
Alhaji, zuwan ban ƙi ba, amma sai ya san sunan wanda zai nema. In ba haka ba a bakin ƙofa za a tsayar da shi, kuma masu tsayar da shin yaran ɗan garinsu ne, ka ga ya kunyata mutumin a wurin aikinsa. Maganar kaya sun tashi kuma, albasa ce ke canja kuɗi tsakanin safe da yamma, kowa ya sani. Mai sayen yunifom yana da takardun wasu teloli biyu a gabansa. In ƙarya ce zai gane.

Tela Agege:
Ai ba ƙarya ba ce ma. Ranar da na yi lissafi, yadin naira 2,200 na samu a Balogun. Shekaranjiya na koma an ce 2,500. Kowane saiti yana cin yadi uku da rabi, duka yadi 420. Allah ya sa na riga na sayi yadi 150 a tsohon kuɗi.

Anti Bilki:
Ka sayi yadi? Ba takardar oda, ba kafin alƙalami?

Tela Agege:
Na ga kalar tana ƙarewa ne a wurin mai shagon, shuɗi mai duhu ne irin na samfur ɗin. Adashina na ɗauka na saya, dubu 330. Kuma ɗan garinmu ya ce mini aikin nawa ne insha Allahu. Mutum ne mai magana ɗaya, tun muna yara na san shi. Da ban saya ba da yanzu asarar ta fi haka.

Sani Walda:
Hmm. Irin wannan ce ta same ni a Lekki bara. Wani mai gini ya ce in ba shi farashin ƙofofi takwas da tagogi, na je har sau uku da kuɗin motata na yi awo, na rubuta masa kaurin ƙarfe, yawan fenti, komai dalla-dalla. Ya yi shiru wata guda. Ranar da na bi ta layin sai na ga ana kafa ƙofofin, daidai zanena, wani ya ba wa da takardata. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ni dai shawarata ka je ka karɓo samfur ɗinka tun kafin su miƙa wa wani tela ya kwafa.

Maman Hanifa:
Ni kuma gani nake tsada ka sa. Ka tura musu cewa ka rage dubu ɗaya a kowane saiti, za ka ga sun kira. Haka nake yi da masu odar abincin biki.

Anti Bilki:
Maman Hanifa, don Allah kada ya yi haka. Ba wanda ya ce masa da tsada. Dubu ɗaya sau 120, dubu 120 ya zubar ke nan kafin a buɗe baki, ga kuma ragowar yadi 270 da zai saya da ƙarin naira 300, wato wata dubu 81. Kuma mai saye in ya ga ka rage da kanka don ya yi shiru, ya koyi cewa shiru na rage kuɗi, sai ya ƙara.

Ƙanena, a takardar ka rubuta kwana nawa farashin zai tsaya?

Tela Agege:
Ban rubuta ba. Ban san ana yi ba.

Anti Bilki:
To ga dalilinka na gaskiya na yin magana, ba sai ka ji kamar roƙo kake ba. Ka ƙara layi ɗaya a saƙon: kuɗin yadi ya motsa a kasuwa, zan iya riƙe wannan farashin zuwa ranar kaza, bayan nan sai na sake lissafi. Ka ba su kwana bakwai zuwa goma, ba Juma'ar nan ba. Ka kuma tambaya ko akwai takardar da suke buƙata daga gare ka, don wani lokacin abin da ke tsayar da aiki ke nan: babu rajistar kasuwanci, ko asusun banki da sunan mutum yake ba da sunan shago ba, su kuma ba za su kira su gaya maka ba. In kwana uku suka wuce ba amsa, ka kira. Ranar da wa'adin zai cika ka tura na ƙarshe, ka ce za ka zo karɓar samfur. Daga nan ka bari. Samfur ɗin kada ka taɓa shi yanzu, karɓe shi yau kamar ka ce ka fasa ne.

Alhaji Mai Albasa:
Kwana goma! Yaro da kuɗin adashi a kwance cikin yadi. Ɗana, ka ji maganar babba, gobe ka hau mota, Agege zuwa Ikeja ba nisa. Ni da kaina zan raka ka in kana so.

Tela Agege:
Na gode Baba, na gode Anti. Amma gaskiya neman lambar wani a bayan ɗan garinmu yana yi mini nauyi, kamar na nuna ban yarda da shi ba, kuma shi ya kawo ni. Ina ganin zan bari sai Juma'a, muna haɗuwa a masallaci, in ya ga fuskata ai zai yi maganar da kansa. Rajistar kuma ban da ita, asusun da sunana yake. Wannan zai iya hana su ba ni?

Anti Bilki:
Ya danganta da kamfanin, wasu suna biyan mutum, wasu ba sa yi. Su kaɗai za su gaya maka, shi ya sa nake cewa ka nemi lambar. Juma'a kwana 19 ke nan fa.

Sani Walda:
Yadin nan shuɗi, in abin bai yiwu ba ka yi mini magana. Akwai wata makaranta a Idi-Araba da yarana suke, kusan kalar wandonsu ke nan.