Huce Fushi Kafin Aika Wasiƙar Faransanci

Wani ma'aikaci a Yamai ya rubuta wa abokin aikinsa da ya riƙe masa takardu: "Vous n'avez toujours rien envoyé !" Wato, har yanzu ba ku aiko da komai ba. Da ya nuna wa abokai, shawara ta zo ɗaya: jimlar da ta fara da "vous" nuna yatsa ce. A mayar da ita kan takardun: "Sauf erreur de ma part, je n'ai pas reçu le dossier." Wato, in ban yi kuskure ba, ban samu takardun ba. Haka an faɗi abin da ya faru, an kuma bar wa mutum ƙofar fita. Wata ta ƙara da cewa a cire alamar motsin rai da "toujours", a roƙa da "pourriez-vous", wato "ko za ku iya", a sa ranar da ake buƙata. An ɗan yi gardama kan gaisuwar rufe wasiƙa, "Cordialement": wasu na jinsa a bushe, sun fi son "Bien cordialement".