Dawakai biyar a minti na uku: ina gyaran yake?

Sadiƙ, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wasan yaƙi na mutum biyu a waya. Kowa yana farawa da hatsi 200, itace 200, manoma huɗu. Manomi hatsi 50 ne, yana kawo 30 a minti. Barga itace 150, sakan 40. Doki hatsi 60, sakan 20, tafiya zuwa garin abokin gaba sakan 40. Duk wanda ya gwada, barga yake fara ginawa, dawakai biyar su share manoma a minti na uku. Na mayar da doki 80, yanzu kowa noma kawai yake yi. Ina mafita?

Malam Habu, Yaba: Wa alaikumus salam Sadiƙ. Ɗauko takarda mu bi hatsin. A ce manoma biyu na gona, wato hatsi ɗaya a kowane sakan. Barga na gamuwa kana da 240. A farashin 60, bayan kowane saye ragowar ita ce 180, 140, 100, 60, 20. Ka ga barga ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, na biyar ya fito a sakan 140, sun isa a 180. A farashin 80 kuwa hatsin ya yanke bayan na uku. Na huɗu sai a sakan 120 za a biya shi, na biyar a 200, isowa 260. Kai a ganinka 20 ka ƙara, alhali jinkirin sakan 80 ka saka. Manominka kuma a sakan 100 yake mayar da kuɗinsa, don haka wannan jinkiri ya kusa isar mai noma ya ci ribar manoman farko kafin ya ga ƙurar doki. Gwada 70. Na biyar za a biya shi a 150, su isa a 210, jinkirin sakan 30 ke nan. Sannan ka faɗa mana, hasumiyar tsaro nawa ce, sakan nawa take ɗauka?

Sadiƙ: Itace 150, sakan 60, Malam.

Malam Habu: To, nan ciwon yake. Dawakai sakan 40 suke yi a hanya, hasumiya tana cin 60. Ko da mutum ya hango su tun daga ƙofar barga, ya makara, sai dai ya gina a makance. Idan ya gina kuma ba a zo ba, mai noma ya wuce shi. Ba wanda zai ɗauki wannan caca. Ka sauko da ita sakan 35, itace 100, ka ba kowa ɗan leƙen asiri ɗaya tun farko, ta yadda zai ga barga tana tashi. Amma kar ta yi arha har kowa ya gina ba tare da ya ji a jikinsa ba. Abin da ake so, hari ya ci mai kwaɗayin noma, tsaro ya ci hari, noma ya ci mai yawan tsaro. Canji ɗaya za ka riƙa yi a kowane gwaji, fara da hasumiyar.

Ɗanliti, Mile 12: Oga idan matsalar kuɗin wasa ce, ka sa a riƙa sayen zinariya da kati. Wanda nake bugawa idan cunkoso ya riƙe mu a Ketu haka suke yi.

Sadiƙ: A'a Ɗanliti, ba kuɗin gaske ake magana ba.

Maryam, Idi-Araba: Ni dai ka ƙara manoman farko. A wasan StarCraft II a 2015, da sabon kashinsa Legacy of the Void ya fito, sun mayar da ma'aikatan farko 12 daga 6, harin da ake kaiwa da wuri ya rage kaifi. Kuma Yaya Sadiƙ, mutum nawa ne suke gwada maka? Idan abokanka ne na majalisa ɗaya, duk abin da gwaninsu ya yi shi za su kwaikwaya. Ka rubuta abu biyu daban: sau nawa aka zaɓi kowane salon fara wasa, sau nawa ya ci. Ka tilasta wa gwanin ya yi tsaro wasa goma a gani.

Malam Habu: Maganar rubutun nan daidai ce, Malama. Amma ƙarin manoma a wasan Sadiƙ zai iya ƙara wa mai barga hatsi ne, dawakai ba za su yanke ba ko a 80. Kuma a wancan wasan ba ma'aikata kaɗai suka taɓa ba, sun rage ma'adinin da ke kowane sansani don a tilasta wa mutum fita neman sabon wuri. Sadiƙ, gonarka tana ƙarewa kuwa?

Sadiƙ: Ba ta ƙarewa.

Maryam: Shi ya sa mai noma yake zaune lafiya. Sai dai ina tsoron idan gona ta ƙare da wuri, mai tsaro ne zai sha wahala, hasumiyarsa ba ta bin sa sabuwar gona.

Sadiƙ: Na gode. Hasumiyar zan fara taɓawa daren nan idan an kawo wuta. Dokin in bar shi a 60 ne, ko 80?

Malam Habu: 60. Ka kawo mana sakamakon wasa ashirin.