Yadda muke tantance shirye-shiryen tarihi da na kimiyya kafin mu zauna kallo

Malamar Sakandare, Katsina

Assalamu alaikum. Nakan nuna wa ɗalibaina shirye-shiryen tarihi a ƙarshen zango, kuma na lura cewa waɗanda suke riƙe hankalin yara galibi su ne masu yawan zuzutawa, yayin da masu inganci sukan sa rabin aji gyangyaɗi. Ina roƙon waɗanda suka saba da kallon irin waɗannan shirye-shirye su gaya mana abin da suke dubawa a zahiri kafin su amince da shiri, musamman wanda ya shafi tarihin Afirka ta Yamma.

Tsohon Malamin Tarihi, Zariya

Wa alaikumus salam, Malama. Abu biyu nake bibiya a kowane shiri: asalin adadin da aka faɗa, da asalin hoton da aka nuna. Bari in ɗauki Mansa Musa, tunda kusan kowane shiri a kan daular Mali yakan tsaya a kan hajjinsa na shekarar 1324.

Mai gabatarwa zai ce ya tafi da mutum 60,000, ya rabar da zinariya har ya karya tattalin arzikin Masar, kuma dukiyarsa ta kai dala biliyan 400. Waɗannan maganganu uku ba nauyinsu ɗaya ba. Batun faɗuwar darajar zinariya yana da tushe mai ƙarfi, domin marubucin tarihi al-Umari ya ziyarci Alƙahira kimanin shekara goma sha biyu bayan wucewar Musa, ya zanta da mutanen da suka yi hulɗa da shi, ya kuma rubuta cewa miskalin zinariya da ba ya yin ƙasa da dirhami 25 ya koma ba ya wuce 22. Faɗuwa ce ta gaske, amma duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san tazarar da ke tsakanin wannan da rushewar ƙasa. Adadin 60,000 kuwa daga Tarihin Sudan na al-Sa'adi yake, wanda aka rubuta a Tambutu a ƙarni na 17, wato fiye da shekara ɗari uku bayan tafiyar. Ita kuma dala biliyan 400 ba ta cikin kowane tsohon littafi, ƙiyasi ne na zamaninmu, kuma babu wani kundin baitulmali na Mali da za a iya yin irin wannan lissafi da shi.

Shirin kirki yakan gaya wa mai kallo wanda ya faɗi magana da lokacin da ya faɗe ta, ko da a jimla ɗaya ce. Idan aka jera ukun nan da murya ɗaya, ana kaɗa taushi a ƙarƙashi, to ba ni da sauran natsuwa da abin da zai biyo baya. Hoton sarkin da ke riƙe da curin zinariya ma daga wata taswira yake da aka zana a tsibirin Mayorka a 1375, bayan rasuwarsa, kuma mai zanen bai taɓa ganinsa ba.

Mai Shagon Waya, Maraɗi

Ni dai a wurina, Malam, shiri mai kyau shi ne wanda hotonsa ya fita tangaran kuma bai cinye data ba. Masu zuwa a tura musu a waya sun fi neman wanda aka fassara da Hausa, kuma wanda bai wuce rabin awa ba. Ku taimaka da sunayen irin waɗannan.

Ma'aikaciyar Jinya, Jos

Ɗan'uwa, ba ingancin hoto ake nufi ba, amma maganar fassara da ka kawo ta tuna mini da wani abu. An taɓa turo mana wani yanki na bidiyo a wurin aiki, an ɗora masa muryar Hausa, ana cewa masana sun gano gawar 'yar ruwa. An yanko shi ne daga Mermaids: The Body Found, wanda tashar Animal Planet ta nuna a Amurka a 2012. Masanan da suke magana a ciki 'yan wasa ne, kuma bayanin cewa ƙagaggen labari ne yana can a rubutun ƙarshe, wanda mai yanka bidiyon ya zubar. Ruɗanin ya kai har hukumar Amurka mai kula da tekuna, NOAA, ta fitar da sanarwa a shekarar cewa ba a taɓa samun shaidar irin wannan halitta ba. Tun daga nan nakan fara da ƙarshen shiri, in karanta sunayen masu ba da shawara, sannan in nemi sunan masani ɗaya in ga ko akwai shi, kuma ko fagen da yake magana a kai nasa ne. Yankin bidiyo da ba shi da farko ba shi da ƙarshe ba na lissafa shi cikin shirye-shiryen kimiyya.

Ɗalibin Jami'a, Kano

Yaya, ai mafita mai sauƙi ce: a tsaya ga manyan gidaje kamar BBC, domin su ba sa haɗa abin da ba a yi ba.

Mai Ɗaukar Hoto, Kaduna

Ƙanena, da gaskiyarka ta wani ɓangare, domin manyan gidaje suna da masu tantancewa kuma ana iya kai ƙorafi a kansu. Sai dai ka sani cewa a shirin Frozen Planet na 2011, hoton jariran farin beyar a cikin rami an ɗauke shi ne a gidan namun daji a ƙasar Holan, aka haɗa shi da hotunan ƙanƙarar Arewacin duniya. BBC ta yi bayanin hakan a shafinta, amma ba a faɗa a cikin shirin ba, kuma an yi ta muhawara. A matsayina na mai sana'ar, ban ɗauke shi ƙarya ba, tunda abin da aka faɗa game da dabbar daidai ne. Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin hotuna. An fara sana'ar hoto a 1839, hoto mai motsi kuma sai wajen 1895. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, don haka duk shirin da ya nuna hoton kamara ya ce Shehu ne, ya tona asirin kansa.

Tsohon Malamin Tarihi, Zariya

Ga Malamar da ta yi tambaya, a gwada shirin Basil Davidson na 1984, Africa, mai kashi takwas, wanda a kashin da ya yi magana kan sarakuna da birane ya shigo Kano. Ya tsufa, kuma bincike ya wuce wasu bayanansa. Akwai kuma History of Africa na Zeinab Badawi, wanda aka fara nunawa a 2017, aka gina shi a kan kundin tarihin Afirka na UNESCO, kuma galibin masanan da ke magana a ciki 'yan ƙasashen da ake bayani a kansu ne. The Africans na Ali Mazrui na 1986 ya fi su zafi da jan hankali, amma ra'ayin mutum ɗaya ne, kuma shi kansa bai ɓoye hakan ba. Ni ba na son shiri mai yawan 'yan wasa sanye da rawani suna sukuwa, domin yara sukan riƙe fuskar ɗan wasa su manta da hujja.

Malamar Sakandare, Katsina

Na gode, Baba Malam, amma a nan ban bi bayanka ba. Yaran da nake koyarwa ba za su zauna awa guda suna kallon dattawa a gaban kantar littattafai ba, kuma wasan kwaikwayon ne yake sa su yi tambaya. Abin da zan gwada shi ne in kunna shirin Mansa Musa da yake hannuna, in tsayar da shi a duk inda aka ambaci adadi, in sa su faɗi daga bakin wa ya fito. Ko akwai wanda ya taɓa ganin shiri mai inganci a kan Sarauniya Amina, wanda ya rarrabe abin da Tarihin Kano ya ambata game da ita da abin da labaran baka suka ƙara?