Takardar gayyatar gasar wot ta hana ni barci

Sakatare Bala: Salamu alaikum. Ni ne sabon sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu a Kaduna. Wanda na gada ya koma Legas da fayil ɗin ƙungiya kacokan, waya ma ba ya ɗagawa, ga shugaba ya tsaya mini a wuya. Gasar karta da muke yi duk Disamba ta matso, wot muke bugawa, an ce in fitar da takardar gayyata kafin Juma'a. Mutum 32 ne, kuɗin shiga ₦2,000, zakara ya tafi da ₦40,000. Me zan rubuta kada a maimaita rigimar bara?

Baban Hanifa: Wace rigima? Ba ka faɗa ba. Amma na san ba ta wuce kan karta mai lamba 5 ba. Kowa ya yarda 2 ɗauki biyu ce, 14 kowa ya je kasuwa, wato ya ɗauki karta daga tarin da ke tsakiya. A kan 5 ake rabuwa: wasu ɗauki uku ce a wurinsu, wasu karta ce kamar kowace. Zaɓi ɗaya ka rubuta. Ka kuma faɗi ko ana tare 2 da wata 2, ko wanda aka jefa wa dole ya ɗauka. Sai lissafi idan kasuwa ta ƙare: tauraro ninki biyu ne, mai riƙe da 8 ta tauraro 16 ke kansa, wot kuma 20. In ba a takarda yake ba, wanda aka fitar zai rantse bai taɓa ji ba.

Ummi Zariya: Ka fara da adireshi da kwanan wata, Malam Bala, ka rufe da sa hannu da hatimi.

Ɗanliti: Mu a tamu ƙungiyar na biya kuɗina cif, na makara da minti goma saboda cunkoso, aka ba ƙanin ma'aji kujerata. Har yau kuɗin shiru.

Baban Hanifa: Bar wannan, Ɗanliti. Sakatare, ₦40,000 ɗin daga ina? In daga ₦64,000 na 'yan wasa za a cira, to caca ce, ko me ka kira ta a takarda. Kuɗin shiga ya tafi hayar zaure da abinci da sababbin karta, kyautar kuma uban ƙungiya ya bayar daga aljihunsa, wanda ba ya wasa.

Sakatare Bala: Yallabai, haka aka saba tun kafin in zo, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Uban ƙungiyarmu kuwa ko kuɗin wata sai an bi shi.

Ɗanliti: A ba da kofi kawai mana.

Sakatare Bala: Kofi? Mutum goma ma ba za su zo ba.

Baban Hanifa: To ka ga abin da ke kawo su ke nan.

Sakatare Bala: Ni dai ba fatawa na zo nema ba. Wani ya turo mini samfurin takarda don Allah.