Hotunan allo a littafin jagora: wasu manya, wasu ƙanana, lambobi kuma suna zamewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni aikin haɗa littafin jagora a Word na manhajar lissafin kayan shago da ake buɗewa a burauza. Mu uku muka ɗauki hotunan allo, kowa da kwamfutarsa. Yanzu rubutun cikin wani hoton gundura-gundura, na wani kuma sai an matso da ido. Lambobin da na ɗora a kan hotunan su ma sai su bar wurinsu da na ƙara layi ɗaya a sama. A A4 za a buga. Yaya zan yi?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Danna kowane hoto, ka shiga Picture Format, ka sa faɗinsa santimita 16, ka tabbata akwai alama a Lock aspect ratio don kada ya lanƙwashe. Duk za su zo daidai.

Anti Mai Ɗab'i: Baban Sadiq, maganar Lock aspect ratio gaskiya ce, amma sa wa kowane hoto santimita 16 shi zai ƙara dagula masa aikin. Ɗan akwatin da ke tambayar "ka tabbata?" bai fi fiksel 400 ba, cikakken shafi kuma ya kai 1366 ko 1920. In ka ja su duka zuwa faɗi ɗaya, rubutun ƙaramin zai kumbura ya yi hazo, na babban ya ƙanƙance. Abin da ake so ya zama ɗaya shi ne girman rubutu da maɓallan da ke cikin hotunan. Faɗin hoton kansa a bar shi ya bambanta.

Ƙanena mai tambaya, asalin matsalarka kwamfutocin nan uku ne. A Windows, ƙarƙashin Settings > System > Display, akwai Scale. Wata tana kan 100%, wata 125%, wata 150%, ga kuma zuƙowar burauzar kowa daban. Maɓalli ɗaya sai ya fito da girma uku. Shawarata, ko da za ta yi maka ɗaci, a sake ɗaukar hotunan duka a kwamfuta ɗaya. Gyaran tsofaffin ɗaya bayan ɗaya ya fi cin lokaci.

Tunda a burauza take, aikin ya zo da sauƙi. A Chrome danna F12, sannan Ctrl+Shift+M. A saman shafin zaɓi Responsive, ka rubuta 1280 da 800. A ɗigo ukun da ke gefen dama na wannan layin zaɓi Add device pixel ratio ka mai da shi 2, sannan Add device type ka zaɓi Desktop, don kada shafin ya ɗauka waya ce. Daga nan Capture screenshot, a cikin ɗigo ukun dai, zai ba ka hoto mai fiksel 2560 a 1600 kowane lokaci, komai ƙanƙantar allonka.

Sai yanka. Kada faɗin abin da ka yanko ya wuce fiksel 1600. Ga dalili: A4 faɗinta santimita 21, in ka bar 2.5 a kowane gefe saura 16. Kenan fiksel 100 santimita ɗaya. Hoto mai fiksel 1600 ya cika faɗin shafi, mai 900 ka sa masa santimita 9, mai 620 ka sa 6.2. Raba da ɗari kawai, rubutun kowane hoto zai fito girma ɗaya, kuma yana karantuwa a takarda. Cikakken allo, wanda shi kaɗai za a ƙanƙance zuwa santimita 16, sau ɗaya ya isa a farkon babi don mai karatu ya san inda yake.

Mai tambaya: Na gode Anti. To wajen yankan, me zan bari me zan cire?

Anti Mai Ɗab'i: Bar abin da za a danna da wata alama da za ta sa a gane wurin, kamar taken shafin ko sunan jerin da aka buɗe. In ka yanko maɓallin Save shi kaɗai, mutum zai yi ta lalube bai san a ina yake ba. Kada yanka ya ratsa tsakiyar kalma ko layin tebur. Hoto mai farin baya kuma a sa masa siririn layi ruwan toka a kewaye, in ba haka ba ya narke cikin takarda.

Kuma kada ka yanka a cikin Word. Crop ɗin Word ɓoyewa yake yi, ɓangaren yana nan cikin fayil. Wanda ya karɓi fayil ɗin zai iya jawo shi ya ga sunan kwastoma da lambar wayarsa. In ka riga ka yi, shiga Compress Pictures ka sa alama a Delete cropped areas of pictures. Mafi aminci dai a cika manhajar da bayanan gwaji kafin a ɗauka.

Ɗan Kantin Kwari: Ni ma hotunan da yaran shago ke turo min ta WhatsApp rubutunsu duk ya dushe. Waya ce ba ta da kyau ko?

Injiniya: Ba waya ba ce, Alhaji, WhatsApp ne ke matse hoto in an tura shi a matsayin hoto. Su turo shi ta Document. Mai tambaya shi ma ya kiyaye wannan: PNG za ka ajiye, domin JPEG na barin ƙura-ƙura a gefen haruffa. Sannan a File > Options > Advanced ka sa alama a Do not compress images in file.

Game da lambobi: da'irar da ka zana a Word tana shawagi ne, a ɗaure take da sakin layi ba da hoton ba, shi ya sa rubutu na motsawa take rabuwa da shi. Ka sa lambobin a jikin hoton tun kafin ya shiga Word. Greenshot da ShareX duka kyauta ne, kuma suna da kayan da ke ɗora 1, 2, 3 da kansu duk inda ka danna. Launi ɗaya, girma ɗaya, a gefen maɓallin ba a kansa ba. Lambar hoto ta dace da ta rubutu: in mataki na 4 ya ce a danna Add item, da'irar ta ce 4, ko da shi ne abu na farko a wannan hoton. Ka riƙe kwafin da ba a yi wa zane ba a wata folda, ka raɗa sunaye irin 03-010, 03-020, don hoton da ya shigo tsakani ya zama 03-015. Lambar da ke ƙarƙashin hoto kuma ta fito daga References > Insert Caption, sai Ctrl+A da F9 su sabunta ta.

In kana da manhajar ImageMagick, wannan umarnin zai rubuta ma'aunin Anti a cikin fayilolin, su shigo Word da girmansu. Yana rubutawa a kan na asali, don haka a kwafi za ka yi:

```
magick mogrify -units PixelsPerCentimeter -density 100 *.png
```

Anti Mai Ɗab'i: A lambobin nan ban bi ka ba, Injiniya. Ranar da aka cusa sabon mataki tsakanin 2 da 3, duk hotunan da ke biye sai an sake musu zane. Ni jan akwati kawai nake sawa a kan abin da za a danna, hoto ɗaya ƙarƙashin matakinsa, lambobi su zauna a rubutu inda Word ke gyara su da kansa.

Injiniya: Haka ne in kowane mataki na da hotonsa. Amma fom mai gurabe bakwai fa, Anti? Hoto bakwai na abu ɗaya?

Anti Mai Ɗab'i: A nan A, B, C nake sawa, rubutu ya ce "cika gurbin B". Ko matakai sun sauya, haruffan na nan.

Mai tambaya: Firintar shagon baƙi da fari ce. Jan akwatin zai fito kuwa?

Injiniya: Toka-toka zai koma, ya saje da layukan fom ɗin. Ka kaurara layin, da'irar kuma ta zama baƙa da farar lamba a ciki. Buga shafi ɗaya ka duba kafin ka yi wa sauran.