Kuɗin tasha: "sun maƙale" ba ta wadatar ba

Mai tashar noma, Ringim: Jama'a, a taimaka mana da kalma. A nan duk wanda kuɗin tasharsa ta YouTube ba su shigo ba sai ya ce "sun maƙale". Ni ma haka na ce a watan jiya, na je wurin mai shagon waya, ya tambaye ni wace irin maƙalewa, na rasa amsa. Ashe abu uku ne: pending, on hold, da kuɗin da ba su kai threshold ba. Me za mu kira kowanne?

Ɗalibi daga Bichi: Ai duk "jira" ne, yaya. Ka jira ranar 21 kawai.

Mai gyaran waya, Gumel: Ƙanena, jiranka a kan guda ɗaya kawai yake aiki. Pending na nufin an fara tura kuɗin, tsakanin 21 da 26 ga wata, saura su isa banki, wanda kan ɗauki kwanaki. Wannan a ce "suna hanya". On hold kuwa "an riƙe" ne, kuma ko shekara ka yi kana jira ba za a sake su ba sai ka yi abin da ake nema. Mafi yawa a ƙauyukanmu lambar PIN ce, wadda ake aikowa a wasiƙa idan kuɗinka sun kai dala 10, ga shi gidajenmu ba lamba. Wani kuma bai cika bayanan haraji ba, ko bai sa asusun banki ba. In akwai riƙo za ka ga sanarwa a shafin Payments na AdSense, wato asusun Google da ake biyan kuɗin tallan ta cikinsa, kuma sai ka warware kafin 20 ga wata, in ba haka ba sai wata na gaba.

Wata mai tashar girki, Dambatta: Ni mabiya 1,000 ɗin ne ban kai ba. Shi ne threshold ɗin?

Mai gyaran waya, Gumel: A'a Hajiya, wancan sharaɗin shiga tsarin samun kuɗin talla a YouTube ne. Wannan dala 100 ce, mafi ƙarancin abin da za a tara kafin a biya mutum. Malam na Ringim, nawa ka gani?

Mai tashar noma, Ringim: YouTube Studio, inda nake duba lissafin tashata, ya nuna mini 104, AdSense kuma 63.

Mai gyaran waya, Gumel: To ba a riƙe maka komai ba. Na Studio ƙiyasi ne, har da na watan da ake ciki. Ana tabbatar da na watan jiya tsakanin 7 da 12, sannan a ƙara a kan 63 ɗin. In sun kai 100 a lokacin, sai ka shiga layin biya.

Malamin firamare, Kazaure: To ku ce "ba su kai nisabi ba". Duk wanda ya san zakka ya gane nan take.

Ɗalibi daga Bichi: Malam, ina jin nauyin ɗaukar kalmar zakka a sa wa kuɗin talla. "Mudu bai cika ba" fa?

Mai tashar noma, Ringim: "Suna hanya" da "an riƙe" na karɓa. Na ukun kuwa, nisabi ta fi faɗin ma'anar, amma a bakina mudu ya fi zama. Bari mu ji na Hajiya.